Gawo ɗaya, gona ɗaya, mako 52: aikin shekara ga mai sha'awar ɗaukar hoto

Wanda ya ɗauri niyyar yin aikin hoto na shekara guda yakan fara da dogon lissafi. Zai ce a watan farko zai ɗauki kasuwa, na biyu masunta, na uku hawan Sallah, na huɗu marina, haka har wata 12. Lissafin yana da daɗin ji, amma da wuya ya kai watan huɗu da ransa. Kowane wata sai an nemi sabon wuri, sabon izini, kuɗin mota da mai rakiya, kuma ko an yi sa'a an kammala, abin da ke hannu tarin hotuna ne da ba su san juna ba. Jeri kuwa wani abu ne dabam. Abin da ke mayar da hotuna jeri shi ne wani abu guda da ba ya sauyawa daga na farko zuwa na ƙarshe, ta yadda idon mai kallo zai tafi kai tsaye ga abin da ya sauya.

Manyan masu fasaha sun daɗe da gane haka. Mai zanen nan na Faransa, Claude Monet, ya yi daga ƙarshen bazarar ƙasarsu ta 1890 zuwa 1891 yana zana tarin amfanin gonar wani maƙwabcinsa a Giverny, har ya yi kusan zane 25 na abu ɗaya, da safe, da yamma, cikin ƙanƙara da cikin hazo. A nan gida Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara hoto kusan 1,000, yawancinsu ta ƙeya, ba wani kwalliya a bayan mai kitson. Da yake tsayuwar ɗaya ce, ba abin da ido ke gani sai bambancin kitso.

Shawarar da zan bayar ke nan ga mai waya a aljihu da sha'awa a zuciya: ya zaɓi wuri ɗaya kusa da gida, ya tsaya a gurbi ɗaya, a lokaci ɗaya, sau ɗaya a mako, ya bar shekara ta yi masa sauran aikin. Ƙasarmu ta dace da irin wannan aiki ƙwarai, domin filin da ya zama fari fat a watan Afrilu shi ne zai koma kore shar har ya rufe mutum a watan Agusta. Zan ɗauki misali guda in bi shi daki-daki, wato bishiyar gawo a tsakiyar gonar gero.

Me ya sa gawo?

Gawo yana yi wa sauran itatuwa tawaye. Idan damina ta kankama, kuka da ɗorawa da marke suna cika da ganye, shi kuma sai ya kaɗe nasa ya tsaya da rassa farare masu ƙaya. Idan ruwa ya ɗauke, wajen watan Oktoba, sai ya fara toho, ya yi fure, ya wuce rani gaba ɗaya yana kore alhali ƙasa ta bushe. Can cikin rani yake zubar da 'ya'yansa masu lanƙwasa, masu launin ruwan goro, awaki da tumaki su taru a gindinsa. Manoma sun san dalilin da ya sa ba sa sare shi: ba ya yi wa shuka inuwa da damina, ganyen da ya zubar da kashin dabbobin da suka sha inuwarsa da rani suna zama taki, shi ya sa geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na nesa da shi kyau. Wanda ya bi ta kudancin Damagaram, wajen Magarya da Matamai, ya ga gonakin da gawo ya cika su. A ƙasar Kano, Katsina, Daura da Jigawa ma ba a rasa shi.

Ga mai ɗaukar hoto, ma'anar wannan ita ce hotonsa ya rabu gida biyu masu saɓa wa juna duk shekara. Lokacin da ƙasa take kore, sama tsirara ce. Lokacin da sama ta yi kore, ƙasa ta zama ƙura. Ba sai ka ƙirƙiro labari ba, yana cikin bishiyar.

Wanda ba shi da gawo a kusa kada ya shiga mota nemansa. Ƙa'idar ita ce wurin ya kasance inda za ka je da ƙafa ko da keke ka dawo cikin rabin awa, domin tafiyar da ta fi haka ba za ta jure mako 52 ba. Kuka ma tana yi, ita da ke tuɓewa da rani ta yi fararen furanni da farkon damina. Kududdufin unguwa yana yi, daga cika zuwa ƙafewa zuwa ranar da magina za su shiga yin tubali. Matar da ba ta cika fita ba tana iya yin nata da darbejiya ko zogalen tsakar gida, ko abin da ake hangowa daga saman soro.

Gurbin tsayuwa

Kafin ka ɗauki hoto ko ɗaya, nemi mai gonar. Ka gaishe shi, ka gaya masa abin da kake so, ka nuna masa inda za ka riƙa tsayawa. Idan ƙauye ne da ba a san ka ba, a fara da mai unguwa. A wannan zamani baƙon da ke zuwa wuri ɗaya kowane mako yana ɗaga waya ana iya yi masa mummunar fassara, kuma masu yin ta ba su yi laifi ba. Ka kuma duba kada barikin soja, ofishin 'yan sanda ko shingen jami'an tsaro ya faɗo cikin hoton.

Sai zaɓen gurbi, kuma a nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace tun bai fara ba. Mutum yakan je a watan Afrilu, gona fili fetal, ya tsaya a tsakiyar kunya inda bishiyar ta fi yi masa kyau, ya kafa turke. Turken ba zai kai Yuni ba, garma ko yara za su tumɓuke shi. Abin da ya fi wannan muni shi ne gero yana wuce mita 2 idan ya samu ruwa, dawa ma ta fi shi. Zuwa tsakiyar Agusta mai hoton zai tsinci kansa a cikin kara, ba ya ganin komai sai ganye a gaban hancinsa, a daidai makonnin da jerin ya fi bukatar hoto. Don haka gurbin ya zama a wajen gona kuma a kan tudu: kan kwalbati, gefen titi mai tsayi, wani dutse, ko kututturen da ba mai cire shi. Abin da ba ya motsi ake nema, wanda za ka iya ɗora ƙafa a kansa da ido rufe.

Nisa kuma ya zama kamar ninki biyu na tsayin bishiyar. Idan gawon ya kai mita 15, ka ja baya kamar mita 30, wato taku 40 ko kusa da haka. Daga nan, idan ka kwantar da wayar a gicciye, bishiyar za ta ci kusan rabin tsayin hoton, a samu wurin sama da wurin gona. Kada ka matsa kusa don bishiyar ta cika hoton. Hadari, hazo, garken shanu da masu noma duk a wannan filin da ka bari za su shigo.

Yanzu wace nahiya za ka fuskanta? Arewa, in da hali. Ga dalili. A daidai Kano, rana ba ta fitowa daga wuri ɗaya duk shekara. A watan Disamba tana ɓullowa ta kudu maso gabas, a watan Yuni ta arewa maso gabas, kuma sau biyu a shekara, cikin goman ƙarshe na Afrilu da na Agusta, tana ratsawa ta tsakar ka da tsakar rana har inuwa ta koma ƙarƙashin ƙafa. Idan ka fuskanci gabas da safe, rana za ta shiga idon kyamara, bishiyar ta zama baƙi ƙirin. Idan ka fuskanci yamma, inuwarka za ta miƙe ta shiga hoton, kuma hasken da ke zuwa daga bayanka yana shafe kunya da ɓawon itace, komai ya kwanta. Amma idan ka fuskanci arewa, rana tana hannun damanka kullum, haskenta yana zuwa ta gefe, kowace kunya ta fito da 'yar inuwarta. Inuwar gawon kuma za ta faɗi hagu, a hunturu ta karkata nesa da kai, a farkon damina ta karkato wajenka. Idan aka jera hotunan, ana ganin inuwar tana juyawa a hankali. Saboda haka ka ajiye bishiyar a ɓangaren dama na hoton, ka bar wa inuwar fili a hagu.

Lokacin ɗauka kuma kada ka ɗaure shi da agogo, ka ɗaure shi da fitowar rana. A Kano rana tana fitowa wajen ƙarfe 6:00 a farkon Yuni, amma sai kusan 6:50 a watan Janairu. Wanda ya ce ƙarfe 7:00 kullum, zai samu rana ta ɗaga sosai a Yuni, a Janairu kuma da ƙyar ta leƙo. Ka ce awa ɗaya bayan fitowar rana. A lokacin inuwar abu takan kai kamar ninki huɗu na tsayinsa, hasken bai yi kaushi ba tukuna, kuma manoma suna gona.

Saita waya

Ba sai da babbar kyamara ba. Wayar da ke hannunka ta isa, muddin ka hana ta yi maka wayo. Wayoyin yanzu an yi su ne don su gyara hoto da kansu, kuma gyaran nan shi ne abokin gabar wannan aiki. Ranar da hazo ya sauka duniya ta yi fari-fari da ɗan ja, wayar za ta ga kamar kuskure ne, ta cire jan, ta ƙara wa sama shuɗi. Ranar da hadari ya haɗo gari ya yi duhu, za ta haska shi. Ƙarshenta Janairu da Yuli su fito da launi iri ɗaya, abin da ka yi shekara kana nema ya tafi.

Maganin yana cikin saitin kyamara. Yawancin wayoyin Tecno, Infinix da Samsung suna da sashen da aka rubuta Pro. A ciki akwai WB, wanda ke daidaita launin haske. Ka cire shi daga Auto ka sa shi a alamar rana, ko a wajen 5500K idan lamba yake nunawa, ka bar shi a nan har shekara ta ƙare. Ka kashe duk wani abin ƙara kyau da ƙara launi. HDR kuma ka zaɓi ɗaya, a kunne ko a kashe, kada ka riƙa sauyawa. Mai wayar da ba ta da Pro ya danna yatsa a kan allon ya riƙe har ta kulle haske, kuma kullum a wuri ɗaya, misali ƙasar da ke gindin bishiyar. Kada ya danna a kan kututturen, domin yana da duhu, wayar za ta buɗe haske har sama ta ƙone ta zama fara.

Ka kunna Grid, layukan nan da ke raba allo gida tara. Su ne ma'auninka. Ka ce, misali, kututturen gawo yana kan layin tsaye na dama, bakin sama da ƙasa kuma yana kan layin kwance na ƙasa. Ka nemi wata alama a kowane gefe, kamar rumbu a hagu da turken lantarki a dama, ka san daidai inda kowanne yake tsayawa. Ka yi amfani da 1x kawai, ban da zuƙowa. Tsayin hannu ma yana sauya hoto, don haka ka yanki sanda daidai haɓarka, ka riƙa ɗora wayar a kanta. Sandar nan ta fi ƙafar kyamara ta kanti sauƙin ɗauka, kuma ba ta jan idon mutane.

Kafin kowace ɗauka ka buɗe hoton farko ka dube shi, sannan ka goge idon kyamarar da gefen riga mai laushi. A hunturu ƙura da man shafawa na yatsa suna haɗuwa a kan gilashin, hoto ya fito dishi-dishi, mutum ya ɗauka hazo ne. Yadda ake ganewa shi ne hazo na gaske yana cin nesa ya bar kusa a fili, dattin gilashi kuwa yana dusashe na kusa da na nesa baki ɗaya. Ka ɗauki biyar a jere ba tare da ka motsa ba, ka zaɓi ɗaya a gida.

Yaushe za a fara?

Ba ranar 1 ga Janairu ba. Daga Janairu zuwa Afrilu gona ba ta cika sauya fuska ba, kuma wanda ya fara da mako 16 na hotuna masu kama da juna zai yanke ƙauna kafin ruwan farko. Ka fara a farkon Mayu, lokacin da aka gama sharar gona, an zuba taki tsibi-tsibi, shamuwa ta iso, sama ta fara tara gajimare da yamma. Hotunan farko za su nuna gawo da sauran ganyensa a kan ƙasa tsirara. Daga nan abubuwa za su riƙa zuwa da sauri. Ruwan shuka zai sauka, ƙasa ta yi duhu. Bayan kwana kaɗan tsiro ya fito layi-layi. Sai noman firi, sai maimai, gawon kuma yana ta zubar da ganye har ya tsaya tsirara. A cikin Agusta, lokacin marka, za ka samu safiyar da ba rana ko kaɗan, ka ɗauka a haka. Gero zai yi ciki, ya fid da kai, ya yi bununi, yara su fara gasa tumu. Sai girbi, dammuna a jere, sai wake da harawa, sai makiyaya su shigo da shanu su ci kara, belbela na bin su. Kafin hazon farko ya sauka kana da hoto kusan 28 da kowanne ya bambanta da ɗan'uwansa, kuma gawon ya sake yin kore. Wanda ya kawo nan ba ya yarda ya zubar da aikinsa.

Sauran watannin su ne jarrabawar. A nan littafin rubutu yake taimako. Tun daga makon farko ka riƙa rubuta layi biyu ko uku: kwanan wata na Bature da na Musulunci, lokaci, yanayin gari, da abin da mai gonar ya ce idan kun haɗu. Shi zai gaya maka cewa ruwan daren Talata bai kai na shuka ba, ko cewa wancan yankin da ya yi ja wuta-wuta ce ta kama shi. Da rani, idan ido ya ce ba abin da ya sauya, tilascin rubuta layi biyu zai sa ka duba da kyau. Za ka ga an kwashe kara, an sassare wa gawon reshe biyu an ba dabbobi, 'ya'yansa sun nuna, hazo ya haɗiye rumbun da ke hagu a wannan mako ya dawo da shi a mako na gaba. A ganina hotunan Fabrairu da Maris, waɗanda ake ɗauka da ƙyar, su ne sukan fi kyau idan an buga, domin launinsu kaɗan ne kuma bishiyar ita kaɗai ke da rai a cikinsu.

Za a rasa wani mako, wannan ba makawa. Akwai rashin lafiya, akwai tafiya, akwai safiyar azumi da barci zai ci ƙarfin mutum. Ka ba kanka sarari: idan ranarka Asabar ce, Juma'a ko Lahadi ma ta wadatar. Idan duk ukun sun wuce, ka bar gurbin makon ba komai, ka rubuta dalili a littafi. Kada ka ɗauki biyu a mako na gaba ka ce ɗaya na baya ne, domin da damina tsayin gero zai tona asirin. Idan tafiyar mai tsawo ce, ƙane ko aboki zai iya riƙe maka, tunda akwai gurbi, akwai sanda, akwai hoton farko da zai duba.

Mutane za su riƙa shigowa hoton, kuma hakan yana ƙara masa rai. Amma ka bar su su zama ƙanana a cikin fili, kada ka kira kowa ya tsaya maka. Idan matan aure ne suke roron wake ko suke wucewa da itace, ka dakata su fita, sai fa in sun yarda.

Ajiya da bugawa

Abin da ya fi kashe irin wannan aiki ba kasala ba ce, ɓatan waya ne. Hoto ɗaya na waya mai megafiksel 12 yakan ci tsakanin MB 3 zuwa 5. Biyar a mako har shekara bai fi GB 1 da ɗan kai ba, alhali Google yana ba kowane asusu GB 15 kyauta. Ka ɗora na kowane mako a ranar da ka ɗauka, ka kuma kwafe su a katin ajiya ko kwamfuta sau ɗaya a wata. Kada ka dogara da tura wa kanka ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse shi ya rage masa girma, ya kuma goge bayanan ranar da aka ɗauka. In dole ne ta nan, ka tura shi a matsayin Document. Sunan kowane hoto ya fara da shekara, sai wata, sai rana, don su jera kansu:

```
2025-05-03_gawo_01.jpg
2025-05-10_gawo_02.jpg
```

Idan waya ta sauya a tsakiyar shekara, faɗin abin da sabuwar ke gani zai iya bambanta da na tsohuwar. Kada ka bar gurbinka don ka daidaita, matsawa gaba ko baya tana sauya yadda bishiyar take zaune da abin da ke bayanta. Ka tsaya inda kake, daga baya ka yanke gefen hotunan da suka fi faɗi har rumbu da turken lantarki su koma mazauninsu.

Ban ga amfanin saka kowane hoto a dandalin sada zumunta ranar da aka ɗauke shi ba. Hoto ɗaya daga irin wannan jeri ba ya burge kowa, kuma shirun mutane yana sanyaya gwiwa. Gara a ƙarshen kowane wata ka jera na watan kusa da juna ka duba ko bakin sama ya fara karkata ko bishiyar tana zamewa gefe, ka gyara tun da wuri. Idan shekara ta cika, 52 yana rabuwa layi 4 na hoto 13, kowane layi wata 3 ke nan. A buga su ƙanana, irin girman da masu wankin hoto suka saba, a manna a allo ɗaya. Sannan a zaɓi kamar 12 a buga da girma. Hoton megafiksel 12 yana kai santimita 34 da 25 ba tare da ya fashe ba, wato ya ɗan fi takardar A4. Wajen gyara kuwa, duk abin da ka yi wa ɗaya ka yi wa duka, in ba haka ba ka koma yin abin da ka hana wayar yi. Mai gonar ma a kai masa nasa, na ranar shuka da na ranar girbi.

Mai zane da mai kiɗa

Gurbin nan da lokacin nan suna yi wa mai zane aiki, sai dai 52 ya yi masa yawa. Sau biyu a wata ya isa, zane 24 a kan takarda ƙarama, rabin A4, kowanne cikin minti 40 kafin haske ya sauya. Tun farko ya zana siffar kututturen da bakin sama da fensir a kan kwali, ya riƙa kwafa a kowace takarda, don kada ya ɓata lokacinsa kan abin da ba ya sauyawa. Ya taƙaita launukansa, shuɗi ɗaya, rawaya ɗaya, ja ɗaya da ruwan ƙasa, ya koyi haɗa koren Yuli da koren gawon Janairu daga cikinsu, domin ba kore ɗaya ba ne. Mai fentin ruwa ya san cewa a hunturu fentin yana bushewa kafin buroshi ya kai ƙarshen takarda, sai ya jiƙa takardar tukuna, da marka kuma ya ƙi bushewa, takarda ta yi laushi. Wanda yake da damuwar addini game da zana mai rai, bishiya da gona ba su cikin abin da malamai suka yi saɓani a kai.

Mai kiɗa kuma da kunne zai yi nasa. Ya tsaya a gurbin ya naɗi minti 3 na sautin wurin kowane mako, wayar a kan sanda ba a hannu ba, don motsin yatsa yana shiga naɗi. Iska ce babbar matsala, musamman daga Disamba, ƙaramin soso ko safa a kan bakin makirfon yana rage bugunta. Idan manhajar tana ba da zaɓin WAV, ya ɗauke shi. Zai tara kukan kwaɗi bayan ruwa mai ƙarfi na farko, ƙarar fartanya, ihun yara masu korar tsuntsu, kukan shanu a kan kara da shirun rani. Sai ya tsara gajeren kiɗa guda tun a watan farko, da gurmi, da sarewa ko da duk abin da ya iya, ya riƙa sake kaɗa shi sau ɗaya a wata a kan sautin watan. Karin kiɗan ba zai sauya ba, sauri da nauyin hannu ne za su bi yanayi. Ya kunna abin amo ɗaya, ko da ƙarfen da ake bugawa ne, ya daidaita tsirkiyarsa da shi kafin kowane naɗi, domin fatar gurmi tana saki da damina ta ɗaure da hunturu, kuma in bai yi haka ba naɗi 12 ɗin ba za su haɗu a faifai ɗaya ba.